Tiyatar Inna da sashe na 14: yaya zan roƙi kamfani ba tare da na yi ƙarya ba?

Assalamu alaikum Malam. Ni magatakardan sito ne a wani kamfanin casar shinkafa a nan Jihar Kebbi. Shekarata 6 a wurin, albashina naira 120,000. Mako uku da suka wuce Inna ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu. Mun fara kai ta wurin maɗori, kwana goma babu sauƙi, sai muka kawo ta asibiti a Birnin Kebbi. Likita ya ce sai an yi tiyata an sa ƙarfe, kuɗin duka naira 900,000. Ni da ƙannena mun sayar da abin da za mu iya, mun haɗa 430,000.

A kundin ƙa'idojin aikinmu, sashe na 14 ya ce kamfani yana iya taimaka wa ma'aikaci da kuɗin asibiti har naira 200,000 a shekara, shi da iyalinsa da ya yi wa rajista. Ni kuwa matata da 'ya'yana kaɗai na rubuta a fom ranar da aka ɗauke ni. Sashe na 15 ya ce idan uwa ko uba ko mata ko ɗa ya rasu, kamfani zai ba da naira 100,000 da hutun kwana biyar. Wato sai ta mutu za su san uwata ce.

Wani abokin aikina ya ce in rubuta cewa matata ce ba lafiya, ya san wanda zai yi mini takardar asibiti. Wani kuma ya ce in tari Alhaji mai kamfanin a masallaci bayan Juma'a in faɗa masa kai tsaye. Manajan ma'aikatanmu mutum ne mai tsauri, ni kuma ban taɓa roƙon kowa ba, kunya nake ji. Me zan yi?

Wani ɗan'uwa daga Kebbi

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi.

Kafin maganar kamfani, bari in fara da abin da ya fi ta gaggawa. Tsohuwa da ta karye a ƙugu, kwanciyar kanta cuta ce. Idan ta daɗe a kwance ba ta motsi, gyambon kwanciya yana fitowa a baya da mazaunai, ƙirji yana iya kamuwa, jini kuma yana iya daskarewa a jijiyoyin ƙafa. Saboda haka kada ka ɗaure ranar tiyata da ranar da kamfani zai amsa maka. Gobe da safe ka samu likitan da ke duba ta, ka gaya masa abin da ke hannunku, ka tambaye shi ko za a karɓe shi a matsayin kafin alƙalami a sa rana, a cika sauran daga baya. Sau da yawa kuɗin ƙarfen da za a sa shi ne ake so a hannu tun farko, na gado da magani kuwa yana tafiya a hankali. Ka roƙi a rarrabe maka lissafin a rubuce: nawa ne na ƙarfe, nawa na ɗakin tiyata, nawa na jini da gwaje-gwaje, nawa na gado. Wannan takardar za ta yi maka aiki biyu, domin ita ce kuma ginshiƙin roƙon da za ka kai ofis.

Game da kunyar da ka ce kana ji, na fahimce ta, amma ina ganin ka ɗora ta inda ba wurinta ba. Na yi shekaru ina zaune a irin kujerar da manajan naku yake kai, kuma zan gaya maka abin da yake gani idan takarda irin taka ta iso tebur. Ba ya tambayar kansa ko wannan mutumin maroƙi ne. Abin da yake tambaya shi ne: idan na sa hannu, akanta ya fitar da kuɗi, masu binciken kuɗi suka zo ƙarshen shekara suka ce bisa wane sashe aka biya, me zan nuna musu? Tsaurin da kake gani a fuskarsa, rabinsa tsoron wannan ranar ne. Aikinka shi ne ka rubuta takardar da zai iya cewa to, kuma ya kare kansa da ita. Kamfanin da ya zauna ya rubuta sashen tallafin jinya ya riga ya san wata rana wani zai nema, har ya ware masa gurbi a kasafi. Ba bara ka je ba.

To amma dole ka san abin da kake nema, domin abu uku ne mutane ke cakuɗawa su kira su duka taimako. Akwai haƙƙi, akwai alfarma, akwai bashi. Kowane da irin muryarsa. Ka koma ka sake karanta sassan nan biyu da ka kawo mini, za ka ga bambancin yana cikin kalma ɗaya. Na rasuwa ya ce kamfani zai ba da. Wannan alkawari ne, idan sharaɗin ya cika babu mai ja. Na jinya kuwa ya ce kamfani yana iya taimakawa. Ko da matarka ce a kwance, wannan lafazin ya bar wa shugabanni zaɓi, su duba su ga. Ga Inna kuma akwai ƙarin shinge, tunda sunanta ba ya cikin fom. Ke nan abin da za ka nema a nan alfarma ce da ta jingina da ƙa'ida, kuma da muryar alfarma za ka rubuta. Idan ka shiga da cewa haƙƙina ne a ba ni, manaja zai buɗe kundin ya nuna maka layin rajista, magana ta mutu a nan take, kai kuma ka fito da ɓacin rai.

Kada ka ɗauka don mugunta aka bar iyaye a waje. Wasu kamfanoni sun kwaikwayi tsarin inshorar lafiya ta ƙasa ne, wanda a ɓangaren ma'aikata yake ɗaukar ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Tsari ne da aka yanka daidai da ƙaramin gida, bai san gidanmu ba inda uwa take ɗaki ɗaya da jikoki, ɗanta ne ke sayen maganinta. Shi manajan naku ma wataƙila yana da tasa tsohuwar a gida, ya san wannan sarai.

Maganar da ka yi cikin ɗaci, cewa sai ta mutu za su san uwarka ce, ita ce hujjarka mafi ƙarfi, in ka cire mata ɗacin. Kundin da kansa ya lissafa uwa cikin iyalin ma'aikaci a sashe na 15. Ba kai ka ƙirƙiro dangantakar ba, kamfani ne ya amince da ita a rubuce. Abin da za ka roƙa shi ne a ɗauki wannan ma'anar ta iyali a yi aiki da ita a sashe na 14, a kuma ba ka dama ka ƙara sunanta a fom yanzu. Kafin ka rubuta, ka duba farkon kundin ko ƙarshensa, inda ake fassara kalmomi. Wasu kundayen suna cewa iyali ya haɗa da iyayen da ke ƙarƙashin kulawar ma'aikaci, sai dai mutane ba sa karanta wannan shafin. Ka kuma nemi layin da ke cewa shugaban kamfani yana iya amincewa da buƙata ta musamman wadda ƙa'ida ba ta ambata ba. Idan akwai shi, ka ambaci lambarsa, domin shi ne ƙofar da manaja zai bi ya kai takardarka sama ba tare da ya karya doka ba. Ka duba fom ɗin magaji ma, wanda ake rubuta na kusa da za a tuntuɓa in wani abu ya same ka. Mutane da yawa da suka kama aiki suna samari ko sabon aure uwarsu suka rubuta a can, sun manta. In kai ma haka ka yi, sunanta yana cikin fayil ɗinka tun shekara shida.

Yanzu shawarar abokinka na farko. Kada ka yi. Ba zan tsaya yi maka wa'azi ba, ka san hukuncin ƙarya da cin kuɗin da aka samu da ita, ka kuma san Inna ba za ta so a yi mata magani da shi ba. Zan gaya maka yadda irin wannan ke tonuwa ne kawai. Kamfanin da zai fitar da naira 200,000 yakan tura direba ko wani daga ofis ya je dubiya, ko ya buga wa asibiti waya, ko ya ce zai biya kai tsaye a asusun asibitin da lambar katin mara lafiya. Ranar da matan abokan aikinka suka ɗauki kwanon abinci suka nufi asibiti duba matarka, suka tarar da ita tana wa surukarta fifita, me za ka ce? Birnin Kebbi ba ta da girman da za a ɓoye wannan. Kuma ka tuna aikinka: kai ne mai riƙe da lissafin buhunan da ke shiga da fita. Jarinka duka amana ne. Magatakardan sito da aka kama da takardar jabu korarsa ake yi nan take, babu sallama mai daɗi, kuma babu wani mai injin casa daga Argungu zuwa Yawuri da zai ba shi makullin sito bayan haka. Ga wani abu da abokin naka bai lissafa ba: kuɗin na shekara ne. Idan ka cinye shi da sunan matarka, sannan ita ko ɗaya daga cikin yaran ya kwanta da gaske kafin shekara ta ƙare, da wane baki za ka koma?

Shawarar ta biyu ba ta kai wannan muni ba, kuma na san a garuruwanmu haka abubuwa da yawa ke tafiya. Amma ka yi tunanin yadda za ta kaya. Ka tare Alhaji a ƙofar masallaci, mutane goma suna jiran su gaisa da shi, rabinsu da tasu buƙatar. Abu biyu ne zai faru. Ko ya sa hannu a aljihu ya ba ka 20,000 ko 30,000 ya yi wa Inna addu'a, ka yi godiya, shi ke nan an taimake ka, ba ka da fuskar komawa neman 200,000. Ko kuma ya ce ka ga manaja ranar Litinin, sai ka isa wurin manaja a matsayin wanda ya tsallake shi. Mutumin da ka tsallake ba ya gaggawar tura takardarka. Alhaji yana da amfani, amma a bayan takarda. Ka fara shigar da ita ta hanyarta, sannan ka ce wa manaja, ranka ya daɗe, in ka ga ya dace, ina so in gaida Alhaji in sanar da shi halin da ake ciki. In ya yarda, ka je da ƙarfinka, Alhaji kuma yana da abin da zai sa wa hannu maimakon abin da zai zaro daga aljihu.

Bari mu zauna kan lissafi, domin takardar da babu adadi a cikinta ita ake ajiyewa a ƙasan fayil. Giɓin da ke gabanka naira 470,000 ne. Ko kamfani ya ba ka iyakar abin da sashe na 14 ya yarda, saura 270,000. Saboda haka tun a takardar farko ka haɗa buƙata ta biyu, wato adibas na albashi. A nan Dokar Ƙwadago ta Najeriya tana da magana. Ta ce adibas ba zai wuce albashin wata ɗaya ba, ba za a karɓe shi cikin ƙasa da wata uku ba, kuma ba a ɗora masa ruwa. Ta kuma ce jimillar abin da za a yanka daga albashin ma'aikaci a wata ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Dokar ta shafi leburori da masu aikin magatakarda irinka, manyan jami'ai kuwa yarjejeniyar aikinsu ce ke magana. Ka lura, dokar ba ta tilasta wa kamfani ya ba ka adibas ba, ta dai tsara yadda za a yi idan ya bayar. A wurinka wannan na nufin naira 120,000. In an raba wata uku, 40,000 ke nan duk wata, ka koma gida da 80,000 ko ƙasa da haka alhali kana jinya. Wannan zai shaƙe ka, domin bayan tiyata akwai magani, akwai wankin ciwo, akwai gashin ƙashi da kuɗin mota zuwa asibiti, akwai sandar dogarawa. Ka roƙi wata shida, a riƙa cire 20,000. Kai ka kawo wannan tsarin da kanka a rubuce. Akanta yana son mai neman bashi da ya zo da hanyar biya a hannunsa.

Da tallafi da adibas, abin da ya rage naira 150,000 ne. Wannan ba na kamfani ba ne, kada ka saka shi a takardar a matsayin buƙata, amma ka nuna ka san da shi kuma kana nemansa a wani wuri. Idan kuna da asusun taimakon juna na ma'aikata wanda ake cire muku wani abu duk wata, shugabanninsa daban ne, ƙa'idarsa daban, kuma sau da yawa shi ya fi saurin fitar da kuɗi. Ka rubuta musu tasu takardar. In kuna adashi a wurin aiki, ka roƙi wanda kwasarsa ta zo ya yi musanya da kai, wannan abu ne da aka saba. A manyan asibitocin gwamnati kuma akwai ofishin jin daɗin marasa lafiya, inda ake duba halin masu jinya, wani lokaci a rage wani abu ko a haɗa su da masu taimako. Ka tambayi nas ɗin ɗakin ta nuna maka. Wanda za ka guje wa shi ne bashin manhajojin waya da masu ba da kuɗi da ruwa a kasuwa, don wannan ramin ya fi wanda kake ciki zurfi.

Takardar kanta kada ta wuce shafi ɗaya. In da Turanci ake aiki a ofishinku, ka rubuta da Turanci ko ka sa wanda ka yarda da shi ya taya ka, amma abin da za ta ƙunsa ke nan. Ka sa kwanan wata, sunanka, lambarka ta aiki da sashenka. Ka aika ta ga manajan ma'aikata ta hannun shugaban sashenka, shi ma ya sa hannu, don hannunsa shaida ce cewa ya san da maganar. Sannan ka ce wani abu kamar haka: "Mahaifiyata, wadda take ƙarƙashin kulawata, tana kwance a asibiti tun ranar kaza sakamakon karaya a ƙugu, kuma likita ya tabbatar tana buƙatar tiyata cikin gaggawa. Kuɗin aikin naira 900,000 ne kamar yadda takardar asibiti da na haɗa ta nuna. Iyalinmu sun tara naira 430,000. Ina roƙon tallafin naira 200,000 a ƙarƙashin sashe na 14 na kundin ƙa'idojin aiki. Ina sane da cewa sunanta ba ya cikin fom ɗin rajistata, don haka ina roƙon a dubi matsayin da sashe na 15 ya ba mahaifiya a cikin iyalin ma'aikaci, a ba ni izinin ƙara sunanta. Ina kuma roƙon adibas na albashin wata ɗaya, naira 120,000, a riƙa cire naira 20,000 duk wata har wata shida. Na amince a biya kuɗin kai tsaye a asusun asibiti, kuma zan kawo rasit cikin mako guda bayan biya."

Ka ga kai da kanka ka ambaci raunin da ke cikin buƙatarka. Da gangan ne. Idan ka ɓoye, shi zai gano, sai ya zama kamar ka so ka yi masa wayo. Idan ka faɗa, ka kuma kawo mafita, ka rage masa aiki. Layin biyan asibiti kai tsaye shi ma yana da nauyi fiye da yadda kake zato, domin babban abin da ke sa a yi ɗari-ɗari da tallafin jinya shi ne tsoron kuɗin ya tafi wata hidimar. Abin da ba za ka saka ba kuwa: labarin rijiya da maɗori, jerin wahalhalun gida, ƙorafin ƙarancin albashi, da sunan wani abokin aiki da aka taɓa taimaka wa. Da zarar ka ce an ba wane, ka mayar da roƙo ya zama tuhuma, ka kuma jawo wanen cikin magana bai ji ba bai gani ba. Kuɗin da kuka kashe wurin maɗori ma ka bar shi, babu rasit, akanta ba shi da inda zai rubuta shi.

Abin da za ka liƙa a baya shi ne inda yawancin takardu ke tuntuɓe. Kana buƙatar gajeriyar wasiƙar likita a kan takardar asibiti mai hatimi, da lissafin kuɗin da na ce a rarrabe maka, da rasit na abin da kuka riga kuka biya. Ba sai ka kai fayil ɗin jinyarta duka ba, sirrinta ne, ka ma gaya mata za ka kai wasiƙar ofis. Kwafi za ka bayar, na asali su zauna a hannunka sai an nema. Sai abin da ke ba mutanenmu wahala: suna. Inna tana amsa sunan mahaifinta, kai kana amsa na naka, ko ma sunan garinku. A katin asibiti kuma wataƙila wanda ya kai ta ya faɗi laƙabin da ake kiranta da shi a gida. Akanta zai ga suna uku da ba su haɗu ba, ya dawo da takarda. Tun yanzu ka duba cewa sunan da ke katin shi ne a wasiƙar likita da rasit, in da kuskure a gyara a ofishin kati. Don shaidar cewa mahaifiyarka ce, takardar haihuwarka in tana ɗauke da sunanta ta isa. In babu, wasiƙar hakimi ko mai unguwa, ko takardar rantsuwa daga kotu, wadda ake samu a yini guda.

Ka yi kwafi biyu na komai. Ka kai da hannunka da safe, ba ranar biyan albashi ba, ba kuma lokacin da motoci ke layi a bakin sito ba. Ka roƙi sakatare ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a naka kwafin. Ka nemi minti biyar da manaja, ka gaishe shi, ka faɗi maganar a jimla uku, ka ambaci ranar da likita ya sa, sannan ka tambaye shi yaushe zan dawo in ji. Wannan tambayar ita ce ke ba ka izinin komawa ba tare da ka zama mai naci ba. Ka kuma tambaya ranar da ake rufe lissafin albashin wata, domin adibas da ya shiga bayan an rufe yakan jira wata mai zuwa. In kwana uku suka wuce shiru, ka koma ta hannun shugaban sashenka.

Kada ka manta da hutu. Hutun rashin lafiya na kwana 12 a shekara da doka ta tanada naka ne in kai ne ba lafiya, bai shafi jinyar wani ba. Ranar tiyata da kwana biyu bayanta za ka so kana wurin, to ka nemi izini a rubuce, a cire daga hutunka na shekara in ya kama, ka kuma faɗi wanda zai riƙe maka littafin sito. Mai neman tallafi da ya ɓace daga aiki babu izini ya ba wanda ba ya son sa hannu dalili.

Zai yiwu a ce a'a. Zai yiwu kuma a ba ka rabi, ko a ce tallafi babu amma ga adibas. In rabi ne, ka karɓa ka yi godiya a rubuce, kada ka raina. In an ƙi gaba ɗaya, ka tambaya cikin ladabi wane sashe ne ya hana, kuma ko akwai wanda ke da ikon sake dubawa. A nan ne ziyarar Alhaji ke da wuri, da sanin manaja, da kwafinka mai hatimi a hannu. Ban ba ka shawarar barazanar kai ƙara ofishin ƙwadago ko kotu ba. Kundin ƙa'idoji yana iya zama ɓangaren yarjejeniyar aiki idan takardar ɗaukarka ta ambace shi, kuma da a ce kuɗin rasuwa ne aka hana ka, wanda aka ce za a bayar, da sai in ce kana da abin riƙewa. Amma sashen da ya ce yana iya, ga mutumin da ba a yi wa rajista ba, babu inda za ka kai shi ka yi nasara, sai dai ka ɓata wurin cin abincinka.

Idan ƙura ta lafa, ko an ba ka ko ba a ba ka ba, ka koma ofis ka sabunta fom ɗin nan, ka sa Inna, ka sa duk yaron da aka haifa bayan ka kama aiki. Ka kuma leƙa ofishin KECHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kebbi, ka tambayi yadda ake yi wa tsoho rajista da abin da tsarin ke ɗauka. Ba za su biya kuɗin wannan tiyatar ba, inshora ba ta biyan abin da ya riga ya faru, amma mai shekarunta za ta ci gaba da zuwa asibiti.

Yau da dare ka ɗauko kundin ka nemo shafin fassarar kalmomi da layin buƙata ta musamman. Gobe ka karɓo wasiƙar likita da lissafi, jibi takarda ta shiga. Ka gaishe mini da Inna da jiki, ka kuma rubuto mini yadda kuka yi da manajan.